Kantar sitonmu ta yi ciki a tsakiya, ya zan gane ko nauyi ya wuce ƙima?

Maman Ilham: Slm jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu sani ku taimaka min. An danƙa min kula da sito a wajen aikinmu, akwai kanta ta ƙarfe wadda ake jera kwalayen takardar A4 a kai, to na lura hawa na biyu daga ƙasa ya ɗan yi ciki a tsakiya, ba sosai ba amma in ka tsaya daga gefe kana gani. Akwai sitika a jiki an rubuta 175 kg UDL. Faɗinta santimita 120, zurfi 50, tsayi mita 2, hawa huɗu ne, ƙafafu da ƙarafan kwance duk ƙarfe ne amma shimfiɗar katako ce. Na faɗa wa oga ya ce ai haka take tun da, ni kuma hankalina bai kwanta ba saboda yaran da ke ɗauko takarda durƙusawa suke a ƙarƙashinta. Ya zan yi in san ko an wuce abin da za ta iya ɗauka?

Sani Walda: Wslm Hajiya. In dai ƙarfe ne kar ki damu, ƙarfe yana ɗan bada kai in an ɗora masa kaya, haka yake. Kuma masu ƙera irin waɗannan ba sa rubuta ƙarshen ƙarfinta a sitika, kullum suna barin rara, in sun ce 175 to wlh za ta ɗauki fiye da haka ba ta faɗi ba.

Injiniya Bala: Malam Sani maganarka ta farko gaskiya ce, ƙarfe yana lanƙwasa kaɗan a ƙarƙashin kaya kuma ba laifi ba ne. Amma maganar rara ban yarda a dogara da ita ba. Rarar da suke bari an bar ta ne saboda abubuwan da ba a lissafa ba, mutum ya jefa kwali da ƙarfi maimakon ya ajiye, ƙasa ba ta daidaita ba, ƙarfen ya ɗan yi tsatsa, wani ya dafa ya miƙa hannu sama. In ka cinye ta da kaya to ranar da ɗaya daga cikin waɗannan ya faru babu abin da zai tare.

Hajiya kafin a je ga lanƙwasar, mu fara da lissafi. Kwali nawa ne a kan hawan da ya yi cikin, kuma rim nawa ne a kowane kwali? Ki duba jikin rim ɗin ki ga ko 80 gsm aka rubuta ko 70 ko 75.

Maman Ilham: Na duba Injiniya. 80 gsm ne, rim biyar a kwali, kowane rim takarda 500. A hawan akwai kwali takwas a ƙasa, huɗu a gaba huɗu a baya, sannan an ɗora wasu takwas a kansu. 16 ke nan.

Injiniya Bala: Yauwa. Takarda tana da sauƙin lissafi ko babu sikeli. 80 ɗin nan nauyin murabba'in mita ɗaya ne a giram, kuma A4 guda 16 ke cika murabba'in mita ɗaya, ka ga kowace takarda giram 5 ce. Guda 500 kilo biyu da rabi. Rim biyar kilo 12.5, ki haɗa da kwalin da ledar naɗi ki ce 13. To 16 sau 13 ya ba ki kilo 208. Sitika ta ce 175. An wuce da kilo 33, kusan kashi ɗaya cikin biyar ke nan a kan abin da aka yarda. Abin da hawan zai ɗauka a takarda kwali 13 ne, kilo 169, amma ni 12 zan sa miki, shida shida ko takwas a ƙasa huɗu a sama a warwatse, saboda 13 ba ya jeruwa daidai kuma ya yi kusa da iyaka.

Maman Ilham: Innalillahi, ban taɓa zaton takarda ta kai haka ba. In ka ɗauki kwali ɗaya ba ka jin wani abu sosai.

Abu Hanifa: Takarda ai ita ce ke yaudarar mutane a sito. Ana ganin wuri ya rage a kanta sai a cika, ba a tambayar nauyi. Ni dai dokar da nake bi, duk kayan da ya shigo sai na san nauyin guda ɗaya kafin ya hau kanta. In babu a jikin kwali sai in hau sikelin auna mutum ni kaɗai in rubuta, in sake hawa riƙe da kwalin, in cire. Ba ya ba da daidai har giram amma ya isa wannan aikin.

Zee: Ni tambayata UDL ɗin nan me yake nufi? Namu ma akwai shi a jiki na ɗauka sunan kamfani ne

Injiniya Bala: Ba sunan kamfani ba ne ƙanwata, sharaɗi ne. Suna cewa kilo 175 ɗin nan sai in an baza shi ko'ina a kan shimfiɗar daidai wa daida, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, gaba da baya. In ka tattara nauyin wuri ɗaya a tsakiya lissafin ya canza gaba ɗaya. Nauyin da aka tara a tsakiyar ƙarfen kwance yana wahalar da shi ninki biyu na yadda zai wahala in an baza wannan nauyin. Shi ya sa in abu ne mai nauyi ƙarami a jiki kuma a tsakiya zai zauna, ka raba abin da ke sitika biyu, wato 175 ta koma wajen 87. Kwalayen Hajiya sun cika shimfiɗar baki ɗaya don haka ita wannan matsalar ba ta shafe ta ba, nata yawa ne kawai.

Zee: Kai to namu ya shafa. Batiran inbata guda biyu ne a kai manya, 200Ah, an haɗa su wuri ɗaya a tsakiya saboda wayar da ta haɗa su gajera ce. Mu ma 175 aka rubuta, mun ce ai biyu ba su kai ba

Injiniya Bala: Irin wannan batirin kowanne yana kai wa wajen kilo 60, biyu 120. A kan sitika ba su kai ba, amma a yadda suke zaune sun matsa wa ƙarfen fiye da yadda kike tsammani. Da yake suna da ɗan faɗi ba za a ce ninki biyu cif ba, amma ba za a lissafa su a matsayin nauyin da aka baza ba. Ku sauke su ƙasa kan abin da aka yi domin batir, in kuma dole sai kanta to hawan ƙasa, kowanne a matsar da shi kusa da ƙafa, a sayo waya mai tsawo. Nauyin da ke kusa da ƙafa kusan kai tsaye yake sauka ƙasa, bai cika lanƙwasa ƙarfen kwance ba.

Sani Walda: Injiniya na ji lissafinka amma har yanzu ina kan bakana cewa lanƙwasa ba ita ce alamar faɗuwa ba. Na sha ganin kanta ta yi ciki shekara da shekaru tana nan tsaye.

Injiniya Bala: Akwai lanƙwasar da aka yarda da ita, akwai wadda ta wuce, kuma ana aunawa ba da ido ake yanke hukunci ba. Ƙa'idar da aka saba amfani da ita a kantocin ƙarfe na sito ita ce a raba tsawon ƙarfen kwance gida 200. Na Hajiya santimita 120 ne, milimita 1200 ke nan, raba 200 ya ba da milimita 6. In da kaya a kai ya sauka milimita 6 ko ƙasa da haka, lafiya. In ya wuce, an yi masa yawa.

Hajiya ga yadda za ki auna. Ki samu zare mai ƙarfi wanda ba ya miƙewa, ki ɗaura shi daga wannan ƙarshen ƙarfen gaba zuwa wancan ƙarshen, ya taɓa gefen ƙarfen na ƙasa a duka ƙarshen biyu, ki ja shi ya miƙe sosai. In ƙarfen ya yi ciki zai sauko ƙasa da layin zaren a tsakiya. Ki sa rula a tsakiya daidai ki karanta tazarar da ke tsakanin zaren da gefen ƙarfen. Ki yi daga gaba kina tsaye a gefe, kar ki sa kanki a ƙarƙashi. Bayan nan a sauke kayan duka ki sake aunawa babu komai a kai, wannan awon na biyu ya fi na farko muhimmanci. Kuma wajen saukewa a fara daga hawan sama a gangaro, kar a kwashe na ƙasa a bar nauyi a sama.

Baban Khalifa: Assalamu alaikum. Ni shawarata ki kira kafinta ya ƙara miki biraket biyu a tsakiya ya ɗaure da bango, nima tawa ta shago haka ta yi, da aka ƙara biraket shi ke nan ta miƙe. Amma ki tabbata fisha mai kyau ya sa ba na roba mai laushi ba, in bulo ne mai rami sai ya zare

Abu Hanifa: Baban Khalifa taka ta bango ce, katako a kan biraket. Tata mai ƙafafu ce tana tsaye da kanta a ƙasa, ba irinsu ɗaya ba. Taka in za ta faɗi daga bango take zarewa, tata daga ƙarfen kwance ko maƙalin da ya riƙe shi ko ƙafa.

Baban Khalifa: Au ban karanta da kyau ba, na ɗauka ta bango ce. To amma ɗaurewa da bango ai ba zai cutar ba

Injiniya Bala: Ba zai cutar ba, yana ma da kyau, sai dai maganin wata cuta ce daban. Ɗaure kanta da bango yana hana ta kifewa gaba in wani ya ja ko ya dafa. Ba ya ƙara wa hawa ko kilo ɗaya a kan abin da zai ɗauka. Tata tsayi 200 zurfi 50, tsayin ya ninka zurfin sau huɗu, daga nan ne masu ƙerawa da yawa suke cewa a ɗaure. Don haka ta ɗaure, amma kar a ce an ɗaure sai a mayar da kwali 16.

Maman Ilham: Na dawo. Mun auna ni da wani abokin aiki. Da kaya a kai ƙarfen gaba ya sauka milimita 9. Da muka sauke komai ya koma amma bai koma duka ba, saura milimita 3. Na baya da muka jawo kantar muka auna babu kaya, kusan a miƙe yake, bai kai milimita ɗaya ba. Shi kuma katakon ya lotsa a tsakiya sosai ko da babu kaya, in ka ɗora rula doguwa a kai yatsa yana shiga ƙarƙashi. Kuma wani abu, a bayan kantar na ga wani katako irin nata a jingine da ƙarafa, na tambaya aka ce da hawa biyar ce, wanda ya riƙe siton kafin ni ya cire ɗaya don kwali biyu su hau kan juna

Injiniya Bala: To yanzu an zo wurin. Bari in ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Milimita 9 da kaya, iyaka 6, wannan ya tabbatar da lissafin takarda. Amma milimita 3 da ta rage bayan an sauke ita ce babbar magana. Ƙarfe in bai wuce ƙarfinsa ba yana komawa yadda yake da zarar an ɗauke nauyi. In ya ƙi komawa to ya riga ya sare, ba zai ƙara ɗaukar abin da sitika ta ce ba. Masu duba kantocin sito suna yarda da ɗan abin da ya rage in bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na lanƙwasar da aka yarda ba, a nan kashi ɗaya cikin biyar na 6 bai wuce milimita ɗaya da ɗigo biyu ba. Naki 3 ne. Ƙarfen gaban nan a cire shi. Tun da akwai ƙarafan hawan da aka cire a jingine, ki duba su da zaren nan, in a miƙe suke kuma haƙoran maƙalinsu ba su buɗe ba, ki sa ɗaya a madadinsa.

Dalilin da na gaba ya sare na baya bai sare ba, yawanci a gaba ake dire kwali kafin a tura shi ciki, kuma a gaba ake taka ƙafa in ana son ɗauko na sama. Ki tambayi yaran ko suna takawa, zan yi mamaki in ba sa yi.

Sani Walda: Ba sai an yar da ƙarfen ba, a kawo a buga shi ya miƙe, ko a juya shi cikin ya koma sama, in ana so ma a ɗora masa wani angil a walde ya fi da ƙarfi

Injiniya Bala: Malam Sani a ƙofa ko taga zan yarda da kai. A nan a'a. Ƙarfen irin wannan kantar falle ne siriri da aka naɗe, ƙarfinsa daga siffar naɗin yake. In ya sare gefen ya ɗan buɗe ko ya murɗe, ka buga ya miƙe a ido amma siffar ba ta dawo ba. Walda kuma tana iya ƙona fallen ko ta ja shi ya karkace. Sannan ko da aikin ya yi kyau, wa zai faɗa wa Hajiya kilo nawa zai ɗauka yanzu? Lambar da ke sitika ta kayan da kamfani ya gwada ce, in an canza ba ta da amfani.

Sani Walda: A nan dai ba mu daidaita ba. Angil mai kauri milimita uku in na walda shi a ƙasa na san ya fi wannan fallen ƙarfi nesa ba kusa ba. Abin da zan yarda da shi kawai shi ne ba zan iya ba ta lamba ba.

Abu Hanifa: Ai lambar ita ce abin da take nema Malam Sani. Kuma ko ƙarfen kwancen ya yi ƙarfi, haƙoran da suka maƙale a ramin ƙafa suna nan yadda suke, nauyin ta nan zai bi. Na taɓa ganin wadda ta zube, ƙarfen kwancen lafiyarsa ƙalau, ramin da ke jikin ƙafa ne ya yage ya zama dogo har maƙalin ya zame, hawan ya sauka kan na ƙasa shi ma ya tafi. Hajiya ki haska fitilar waya a kowane maƙali, ki ga ko ramin ya fara tsawo ko fenti ya tsage a wurin, ko haƙori ɗaya bai shiga ba. Sau da yawa tun wajen haɗawa ba a buga shi ya zauna har ƙasa ba.

Injiniya Bala: Wannan gaskiya ne. Sai maganar hawan da aka cire, wadda ita ta fi damuna. Mutane suna ɗauka in ka rage hawa ka rage wa kanta nauyi. A irin wannan kantar ƙarafan kwancen ne suke ɗaure ƙafafu huɗun da juna, kowane hawa ɗauri ne. Ka ɗauki rular roba ka tsayar da ita ka danna daga sama, za ta gantsare gefe da ɗan ƙarfi kaɗan. Ka sa wani ya riƙe ta a tsakiya ka sake dannawa, sai ka yi da gaske. Ƙafar kanta haka take, iya tsawon da ta yi babu ɗauri iya raunin da take da shi. Da hawa biyar tazarar tana wajen santimita 45 zuwa 50, da aka cire ɗaya ta haura 60. An raunana ƙafar kuma a lokaci guda an buɗe wurin da za a ninka kaya. Ki mayar da hawan nan, tazarar ta koma yadda kamfani ya tsara. Wani amfanin shi ne kwali biyu ba za su ƙara hawa kan juna ba, takwas kawai zai shiga kowane hawa, kilo 104, ko wa ya zo ba zai iya wuce iyaka da takarda ba.

Maman Ilham: Wannan dabarar ta yi min, don gsky ba kullum nake wurin ba in ana sauke kaya. Amma in na ɗauki ƙarfe ɗaya daga na hawan da aka cire na maye wanda ya sare, hawa na biyar zai rasa ɗaya ke nan. Sannan na samo takardar haɗa kantar a fayil, a ciki an rubuta duka kantar kar ta wuce kilo 600. To ni na rikice, 175 sau biyar ai 875 ne

Injiniya Bala: Sai an sayo ƙarfe ɗaya daga inda aka sayi kantar, irinsa daidai, kar a haɗa da na wani kamfani ko da ya shiga ramin. Kafin ya zo kar ki wuce kwali takwas a kowane hawa, na sama kuma ki bar shi da kaya marasa nauyi.

Lambobin biyu kuma duka daidai ne. 175 iyakar hawa ɗaya ce, ƙarfin ƙarfen kwance da shimfiɗa. 600 iyakar ƙafafu ce. Dole ki cika sharaɗin biyu tare, wanda ya fara cika shi ne ya tsayar da ke. Kina iya sa 175 a hawa ɗaya ko biyu, amma ba a duka biyar ba. In kin sa kwali takwas a hawa biyar, 104 sau biyar 520, kina ƙasa da 600, lafiya. A yadda kika same ta kuwa, in hawa uku suna da 16 kowanne, 624 ke nan tun ba a lissafa na sama ba, kuma a kan ƙafafun da aka rage wa ɗauri. Wannan lambar ta 600 ita ce mutane ba sa gani saboda ba a cika manna ta a gaba ba.

Hauwa Akawu: Ni fayiloli ne matsalata ba rim ba, kowanne da kaurinsa, ba zan iya hawa sikeli da fayil ɗari uku ba. Akwai hanya?

Abu Hanifa: Auna da tef. Rim ɗaya kaurinsa wajen santimita 5 ne kuma kilo biyu da rabi, to takarda in an jera ta a tsaye a matse, mita ɗaya wajen kilo 50 ke nan. Fayil bai kai haka matsewa ba saboda akwai iska da marfi, don haka in kika lissafa da 50 kin bar wa kanki rara. Hawa mai santimita 120 layi ɗaya kilo 60, layi biyu gaba da baya 120. Inda ake samun matsala shi ne a cika layi biyu sannan a kwantar da wasu a kansu har rufi.

Hauwa Akawu: Na gode. Tamu ba ta da sitika ko kaɗan fa, tsohuwa ce ba wanda ya san inda aka saye ta

Injiniya Bala: Wannan ita ce mai wuya kuma ba ni da lambar da zan ba ki daga nan. Ki nemi suna ko lamba a jikin ƙafa ko ƙarƙashin shimfiɗa, wani lokaci an buga a ƙarfen. In babu, awon zaren zai faɗa miki ko ƙarfen kwance yana wahala, amma ba zai faɗa miki komai game da maƙali da ƙafa ba, su ba sa ba da sanarwa kamar yadda ƙarfen kwance ke yi. Ki bar ta da kaya marasa nauyi, masu nauyin su koma wadda aka san lambarta. Kuma masu sitika ku duba harafin da ke bayan lambar, wasu kayan lb ake rubutawa ba kg ba. 400 lb kilo 181 ne kawai, bai kai rabin abin da mutum zai ɗauka ba in ya karanta shi a matsayin kilo.

Maman Ilham: Katakon fa Injiniya? Ba ka ce komai a kansa ba. Abokin aikina ya ce mu juya shi kawai

Injiniya Bala: Wane iri ne? In ka kalli gefensa kana ganin ɓarɓashin itace da aka matse, ko falle-falle a jere?

Maman Ilham: Ɓarɓashi ne, kuma gefe ɗaya ya kumbura kamar ruwa ya taɓa shi

Injiniya Bala: To a canza shi. Katakon ɓarɓashi yana ci gaba da lotsawa a hankali muddin nauyi yana kansa, ko nauyin bai ƙaru ba, wata da watanni yana ƙara sauka. In danshi ya shige shi gam ɗin da ya riƙe ɓarɓashin ya saki, ƙarfinsa ya tafi kuma ba ya dawowa in ya bushe. Haɗarin lotsawar shi ne gefen katakon a kan ɗan leɓen ƙarfe yake zaune, in tsakiya ta sauka gefen yana janyewa daga leɓen. Juyawa tana ɓoye alamar ne kawai. Ki duba ƙarƙashin sauran hawan ma, irin wannan kantar yawanci akwai ɗan ƙarfe da ke gilmawa daga gaba zuwa baya a tsakiya yana tallafar katakon, ana yawan mantawa da shi wajen haɗawa, kuma 175 ɗin da shi aka lissafa. In za ki sa filawud kar kaurinsa ya gaza na asali.

Sani Walda: Wannan ƙarfen tsakiyar kam gaskiya ne, rabin waɗanda nake gani babu shi, yana cikin leda an jefar

Maman Ilham: Na leƙa, hawa biyu suna da shi biyu babu, har da wanda ya lotsa. Ragowar na gan su ɗaure da ƙarafan da ke jingine. Gobe in sha Allah za mu mayar da su, kuma zan rubuta a jikin kowane hawa da maka babba, kwali 8 kawai, don na lura in na rubuta kilo ba wanda zai tsaya lissafi. Allah ya saka da alheri. Abu ɗaya ya rage, siton a bene yake hawa na ɗaya, kuma oga yana maganar a ƙaro irin kantar guda uku a jera a bango ɗaya. Dakalin benen zai ɗauka?

Abu Hanifa: Kankare ne ai, ban taɓa jin takarda ta fasa dakalin bene ba

Injiniya Bala: Kar mu yi saurin cewa haka Malam. Kanta huɗu kowacce kilo 520 ya haura tan biyu, a kan wurin da bai kai murabba'in mita biyu da rabi ba, kuma nauyin ta ƙananan ƙafafu yake sauka. Ɗakin da aka zana domin ofis ba a lissafa masa nauyin ɗakin ajiyar takardu ba. Yana iya ɗauka in jerin ya faɗo kan bim ko kusa da bangon da ke ɗauke da ginin, yana iya zama matsala in bangon da za a jera su na raba ɗaki ne kawai da ke zaune a tsakiyar dakalin. Wannan ba a yanke shi daga hoto. Hajiya ki tambaya ko akwai zanen ginin, kuma ki sauka ƙasa ki duba me ke ƙarƙashin bangon nan daidai, bango ne ko fili.

Maman Ilham: Ƙasan wurin ɗakin taro ne, ban tuna akwai bango a wannan layin ba. Zan duba da safe in faɗa muku, zanen kuma sai na tambayi mai ginin